Wane rabin gare ka?

Duk wanda ya ce mini ya cika rabin sharuɗɗan aiki, tambayarsa nake: wane rabin? Na zauna cikin kwamitin tantance takardu na wata ƙungiya a Maraɗi, kuma ba ƙidayar sharuɗɗa muke yi ba.

Akanta muke nema, da sharuɗɗa shida: takardar kammala karatun akanta, Faransanci, sanin Excel, aikin shekara 5, Ingilishi da lasisin tuƙi. Ukun farko su ne ƙofa. Wanda ya rasa ɗaya, sakatare ke ware takardunsa tun kafin su iso gabanmu. Sauran ukun fata ne kawai. Wadda muka ɗauka shekararta 3 a aiki, ba Ingilishi, ba lasisi. Amma ta rubuta a wasiƙarta cewa ita kaɗai ke rufe lissafin wata-wata a inda take. Wani mai biyar cikin shida bai ko kai ganawa ba, don takardar karatun ce babu.

Sanarwar kanta takan nuna bambancin. Inda ta ce "dole", ƙofa ce. Inda ta ce "zai ƙara daraja", fata ne. Shekarun aiki ana sassautawa idan ka nuna abin da hannunka ya yi. A gasar shiga aikin gwamnati kuwa, ba a ɗaga ƙafa kan iyakar shekarun haihuwa ko takardar karatu.

In ƙofar ce gare ka, kai takardunka. In ita ka rasa, adana kuɗin tambur.