Ƙwaryar Goro a Koki: Iyakar Bincike a Ƙagaggen Labari

Duk shekara ɗalibaina masu sha'awar ƙirƙirar labari a kan tarihi sukan yi mini tambaya guda: yaya yawan binciken da zai wadatar? Amsata ita ce, marubuci ya ci gaba da bincike har ya san abin da mutumin labarinsa yake tsoron rasawa, daga nan ya dakata. Bari in kafa misali da wani babi da nake rubutawa, wanda ya faru a zauren wani tsohon madugu a unguwar Koki cikin 1912.

Na zaɓi shekarar da gangan. Layin dogo ya iso Kano a 1911, aka buɗe shi ga 'yan kasuwa a 1912. Kafin nan fataken goro sukan shafe watanni a hanyar Gwanja da jakuna da 'yan dako, ƙarƙashin madugu, jagaba yana gaba, ana yada zango ana biyan fito. Sai ga goro yana iya biyo teku zuwa Ikko, ya hau jirgin ƙasa, ya sauka Kano cikin 'yan kwanaki. Alhassan Ɗantata, wanda ya zauna a Sarari, maƙwabciyar Koki, yana cikin waɗanda suka fara cin moriyar sabuwar hanyar. To, ina makomar dattijon da duk jarinsa sanin daji da rijiyoyi da sarakunan hanya ne? Wannan ita ce tambayar babin, kuma ita ta yanke mini abin da zan nema.

Abu biyu kawai na bi diddiginsu. Na farko shi ne goron kansa. Ana lissafa shi da ƙwarya, wato guda 100. Ana naɗe shi da ganye a cikin huhu, a riƙa buɗewa ana yayyafa ruwa, ana tsince wanda sankara ta kama kafin ya ɓata sauran. Na biyu shi ne kuɗi. Keso guda wuri 20,000 ne, kuma biyar-biyar ake ƙirga shi a ƙasa. A 1912 sule da kwabo da anini mai huda sun shigo, amma wuri bai bar hannun talaka ba.

Waɗannan duka na sani, amma mai karatu ba zai tarar da su a jere haka ba. A cikin babin, dillali ne ya shigo zaure, ya buɗe huhun madugu, ya ɗauki goro guda ya jujjuya, ya ajiye ba tare da ya taya ba. Ya ce na tasha ya fi ɗanye. Madugu ya umarci yaro ya sake yayyafa ruwa, alhali shi da yaron sun san ba ruwa ne ya gaza ba. Da aka daidaita a kan ƙwarya goma, dillali ya zaro sulalla, dattijo ya ce wuri yake so, domin da shi yatsunsa suka saba. Ban ambaci layin dogo ko sau ɗaya ba. Kalmar “tasha” ta ɗauke wannan nauyi.

Alamar cewa labari ya rikiɗe ya zama lacca ba ta da wuyar ganewa. Da zarar wani ya fara gaya wa abokinsa abin da dukansu suka sani, marubuci ne yake magana da bakinsa. Ba Bakanon da zai tsaya yi wa ɗan'uwansa bayanin cewa Sarki Muhammadu Rumfa ne ya kafa Kasuwar Kurmi. Cewa zai yi za shi kasuwa. Gwajina shi ne in cire jimlar in duba. Idan babu wanda ribarsa ko mutuncinsa ko shawararsa ta sauya, to wurinta littafin ajiyar bayanaina.

Su ma madogaran suna da iyaka. Heinrich Barth ya bayyana kasuwar Kano da kyau, amma a 1851 ya gan ta. Wanda ya ɗauko farashinsa na wuri 2,500 a kan dala guda ya ɗora wa 1912 ya tsallake shekara 61, da Yaƙin Basasa, da zuwan Turawa a 1903. Takardun mulkin mallaka da ke ma'adanar ƙasa a Kaduna sun san haraji, ba su san yadda ake gaisawa a zaure ba. Dattawan unguwa sun san gaisuwar, amma sukan haɗe zamanin kakanninsu da na ƙuruciyarsu. Saboda haka nakan karɓi shekara daga takarda, in karɓi ɗabi'a daga bakin dattijo, kuma ba na gina babi a kan abin da majiya ɗaya tak ta faɗa.

Mai karatu yakan yafe wa marubucin da bai faɗi tsawon ganuwa ba. Abin da ba ya yafewa shi ne ya ji madugun 1912 yana lissafi da Naira, wadda sai a 1973 ta zo, ko yana jawabi kamar malamin tarihi a gaban allo.