Kaurin bango ba ya maganin kowane irin zafi

A duk lokacin da bazara ta tsananta, sai ka ji ana yabon ginin ƙasa na kakanninmu, ana cewa da mun riƙe shi da mun huta da neman fanka. Ina cikin masu wannan yabo, amma shekarun da na yi ina duba gine-gine tsakanin Kano da Legas sun koya mini cewa zafi iri biyu ne, kuma kowanne da irin gidan da yake buƙata.

Bangon tubali ba ya kashe zafi, jinkirta shi yake yi. Ƙasa takan sha zafin rana a hankali, ta kuma sake shi a hankali. Bango mai kaurin santimita 30 kan ɗauki kimanin awa 8 zuwa 10 kafin zafin da ya bugi bayansa ya ratso cikin ɗaki. Mu ɗauki bangon da ke fuskantar yamma a Kano a watan Afrilu, lokacin da zafin rana kan kusanci digiri 40, na dare kuma ya sauko kusan 25. Rana ta fi dukan wannan bango da la'asar, wajen ƙarfe 4. Zafin ba zai iso ciki ba sai bayan tsakar dare, a lokacin kuwa iskar waje ta huce. Idan an buɗe tagogi, iskar dare za ta kwashe shi, bangon ya wayi gari da sanyi. Bulon siminti mai rami na inci 6 ba shi da wannan haƙuri: cikin 'yan awoyi yake miƙa zafin, shi ya sa ɗakin yake turiri daidai lokacin kwanciya.

Saboda haka dabarar tana da sharaɗi: a rufe tagogi da rana, a buɗe su da dare. Na sha ganin gida mai bango na ƙwarai wanda masu shi ke yin akasin haka, sannan su ɗora wa ginin laifi.

Tsakar gida ita ce abokiyar aikin wannan bango. Da dare ƙasa da rufin soro sukan saki zafinsu zuwa sararin sama, iska mai sanyi kuma, da yake ta fi nauyi, sai ta kwanta a tsakar gida ta malala cikin ɗakuna. Amma sai filin ya kasance matsakaici, katangunsa na ba shi inuwa mafi yawan yini. Wanda ya yi shi da faɗi ya malale shi da siminti, ba bishiya ba rumfa, ya gina wa kansa tanda.

Ka kai wannan gida Legas ko Akara, sai labari ya sauya. A can zafin rana ba ya cika wuce digiri 33, amma na dare yana tsayawa wajen 25, ga laima cike da iska. Tazarar ba ta kai digiri 10 da masana gini ke nema kafin kauri ya yi amfani ba. Bangon ba ya samun damar hucewa, gumi kuma ba ya bushewa a jiki sai iska na kaɗawa. Abin da ake bukata a nan shi ne bango mara nauyi, rufi mai dogon baki da ke kare rana da ruwa, da tagogi a bango biyu masu fuskantar juna, ɗaya ta kudu maso yamma inda iskar teku ke fitowa. Tagar fita kada ta gaza ta shiga girma, kuma su kasance daidai tsayin mai zaune ko mai kwance, domin iskar da ta bi ta saman kai ba ta amfani kowa ba. Ɗakunan haya da ake jerawa baya da baya, kowanne da taga ɗaya, su ne suka fi saɓa wannan ƙa'ida.

Gane kuskure ba shi da wuya. Idan ka dafa bango bayan isha'i ka ji shi da ɗumi, bai da kauri ko bai da inuwa. Idan kuwa ka ji warin danshi, ka ga fumfuna a bayan kabad, iska ce ba ta ratsawa.

Ko a Arewa ginin ƙasa yana da iyaka. A watan Mayu, idan hadari ya fara haɗuwa laima ta ƙaru, dare ba ya hucewa sosai, shi ya sa iyayenmu ke fitar da tabarma tsakar gida. Shawarata ga mai shirin gini ita ce, kafin ya sayi bulo ko ya kira magini, ya auna zafin garinsu da azahar da kuma asuba na 'yan kwanaki a bazara. Tazarar da ya samu ita za ta faɗa masa ko kauri zai nema ko iska.