Laktayin Ƙanena da Tef ɗin Baba Tela

Bahaushe ya ce kowa da kiwon da ya karɓe shi, haka kuma kowa da tufar da ta karɓe shi. Mu da muka tashi a Gaya cikin riga da hula, ba mu saba da tufar da ke ƙididdige jikin mutum inci-inci ba. Babbar riga tana da haƙuri: ta uba za ta shiga ɗa, ta siriri za ta rufa wa mai jiki asiri. Amma wannan ƙyallen da ake ɗaurawa a wuya, wanda wasu ke kira naktayi, mu kuma muke cewa laktayi (kamar dai yadda bakinmu ya mai da "n" ta koma "l" a kalmar lamba), ba shi da wannan haƙuri ko kaɗan. Ban san haka ba sai a hutun da ya wuce.

Ina da ƙane, ɗan baffana ne, a Ajingi yake. Wani banki a Kano ya kira shi ganawar ɗaukar aiki, aka kuma ce kowa ya je da kwat da laktayi. Shekara biyu yana zaune ba aiki, saboda haka gidan duka ya ɗora rai a kan wannan rana. Ana jibi ganawar ya iso Gaya da kayan a leda, ya saka don in gani. Kwat ɗin nasa ne, shat ɗin aro ce daga wani kawunsa, laktayin kuwa na gwanjo ne. Da ya fito daga ɗaki sai na rasa ta cewa. Bakin laktayin ya tsaya can saman cibiya, faɗinsa ya kusa rufe ƙirji, ga kwala ta yi masa rami a wuya. Ya ce, "Yaya, ya ka gani?" Na san akwai aibu, amma ban san inda yake ba, don haka na ja shi wurin wani dattijon tela, aminin mahaifina, wanda ya yi shekaru yana ɗinkin kwat a Sabon Gari kafin ya dawo gida.

Baba bai fara da laktayin ba, da wuya ya fara. Ya zagaya tef a gindin wuyan yaron, ya sami inci 14 da rabi, ya ƙara rabin inci na numfashi, ya ce kwalarsa lamba 15 ce. Ya juya ta aron, sai ga 17 a rubuce. Ya ce, "Ɗana, idan ka ɓalla maɓallin sama, yatsa biyu ya kamata su shiga tsakanin kwala da wuya. Kai kuwa hannu guda zai shiga." Ya nuna mana abin da wannan rami ke jawowa. In an ja ƙulli ya kama wuya, kwala ta tattare kamar bakin jaka. In an sassauta, ƙulli ya zame ƙasa, maɓalli ya leƙo. Babu irin ɗaurin da zai gyara wannan.

Daga nan sai ya shiga lissafin tsawo, wanda shi ne abin da ya fi burge ni. Ƙa'idar ita ce tsinin laktayi ya sauka daidai kan bel idan mutum yana tsaye. Tsawon ƙyallen kuwa wuri huɗu ne suke raba shi: zagayen wuya, da ƙulli, da gaban da ake gani, da jelar da ke ɓoye a baya. Ƙanena dogo ne, ƙafa 6 da inci 2. Daga kwala zuwa bel Baba ya sami inci 21, zagayen wuya ta kan kwala inci 16. Yaron kuma ya ɗaura babban ƙullin nan mai kusurwa uku da ake kira Winza, da muka warware muka auna sai muka ga ya ci kusan inci 10. Jimla 47 ke nan, alhali laktayin duka inci 52 ne. Abin da ya rage wa jela inci 5 ne kacal, ɗan guntun da ba ya kaiwa ga madaukin da ke bayan laktayi. Don ya sami jela, sai yaron ya rage gaba, shi ya sa bakin ya tsaya a saman cibiya.

Laktayin manya da aka saba sayarwa yau inci 57 zuwa 58 ne, na dogaye kuma yana kai 61 zuwa 63. Baba ya ce ba lalle ne mu nemi na dogaye ba, muddin aka canja ƙulli. Ƙaramin ƙulli na zagaye ɗaya wajen inci 5 yake ci. Idan aka cire 16 da 21 da 5 daga 58, jela za ta sami 16, ta shiga madaukinta ta zauna. A nan na gane cewa tsayin mutum kaɗai ba ya yanke hukunci. Gajere mai kaurin wuya, mai kwala 18, wanda tumbi ya tura wa gaba, yana iya buƙatar dogon laktayi fiye da siririn dogo. Gajere siriri kuma Winza ne abokinsa, domin ya cinye rarar da za ta sa jela ta leƙo ƙasa da gaba. Sai dai ƙulli ma yana bin kwala: babba yana son mai buɗaɗɗun kunnuwa, ƙarami kuma mai matsattsu.

Saura faɗi. Ana auna shi a inda ya fi faɗi, kusa da tsini. Na gwanjon ya ba da inci 4 da rabi, irin yayin shekarun 1970, lokacin da kunnuwan kwat suke fanka-fanka. Abin da ake bi shi ne faɗin laktayi ya yi kusa da faɗin kunnen kwat. Na ƙanena inci 3 ne, ga shi siriri, don haka laktayi mai inci 3 ne nasa. Mai faɗin ƙirji zai ɗauki 3 da rabi, domin siririn laktayi a jikinsa kamar igiya yake zama.

Na tambayi Baba ko zai rage faɗin, ya ƙara tsawon. Ya girgiza kai, ya ce ba a yanka laktayi a miƙe kamar zariya. A karkace ake yanka yadinsa, a harhaɗa gunduwa-gunduwa, a sa shafi a ciki, dabarar da ake dangantawa da wani mai sana'ar a New York, Jesse Langsdorf, tun shekarun 1920. Wannan yanka ne ke sa shi miƙewa ya koma, ya kuma rataya ba tare da murɗewa ba. Gyaransa sai an farke shi duka, kuma wahalar ta fi kuɗin wani.

Washegari da sassafe muka bi ta Wudil muka shiga Kano, da tef ɗin Baba a aljihuna. A Ƙofar Wambai muka yi ta aunawa, mai kaya yana kallonmu yana dariya, har muka dace da mai inci 58 da faɗin 3, da farar shat mai kwala 15. Na kama laktayin ta siririn bakinsa na rataya, kamar yadda Baba ya umarta, bai murɗe ba, sannan muka biya.

Ba zan ce laktayi ne ke ba da aiki ba, wannan na Allah ne, har yanzu ma muna jiran sakamako. Amma ƙanena ya ce da ya zauna gaban masu tambaya, hannunsa bai je wuya ko sau ɗaya ba, hankalinsa duka yana kan amsa. Ni kuwa na rubuta lambobinsa uku a bangon littafina, 15 da 21 da 3, na kuma roƙi Baba ya auna ni kafin in dawo makaranta, tun da ni ma tawa ranar tana tafe.