Minti Ashirin Da Huɗu Na Lissafi

Mu da muka daɗe muna rubuta littafi mun san cewa abin da ake rubutawa a bayan bango daban, abin da ke cikin shafuka daban. A bayan bango za ka ga an ce soyayya, makirci, kishi, ban tausayi da nishaɗi, duk a ɗan littafin da bai kai shafi ɗari ba, sai ka kai ƙarshe ka tarar an ce a nemi na biyu. To irin wannan idon na sa na karanta wani saƙon talla da ya zagaya wayoyin mutanen Sanyinna a watan Janairun 2025, wanda wani malamin sakandare ya tura yana neman ɗaliban lesin. Ga abin da ya ƙunsa, na cire sunansa da lambarsa:

"Ana sanar da iyaye cewa an buɗe lesin na yamma. Darussa: Lissafi, Turanci, Fizis, Kemistiri, Bayoloji. Firamare aji 4 zuwa 6, naira 2,000 a wata. Ƙaramar sakandare, naira 3,000. Babbar sakandare da masu WAEC, NECO da JAMB, naira 5,000. Litinin zuwa Alhamis, ƙarfe 4:30 zuwa 6:00 na yamma. A taimaka a tura wa wasu."

Matar yayana ce ta miƙo mini shi, saboda 'yarsu tana aji ukun babbar sakandare, kuma lissafi ya kayar da ita a jarrabawar gwaji. Yarinyar aikin jinya take so. Mahaifinta kuwa manomi ne, ya riga ya ce shi sau ɗaya zai ɗauki ɗawainiyar jarrabawa, in ta ci to, in ba ta ci ba akwai masu zuwa gaisuwa. Saboda haka dubu biyar ɗin nan ba kuɗin wasa ba ne a gidan.

Yawancin iyaye idan sun karanta irin wannan saƙo, abu biyu suke dubawa: yawan darussa da kuɗi. Darasi biyar a dubu biyar, kowane darasi ya tashi a dubu ɗaya, ai da araha. Ni kuwa layin ƙarshe na tsaya a kai, wato jadawalin lokaci, domin a nan gaskiyar tallar take kwance.

Mai karatu ɗauki biro mu lissafa tare. Kwana huɗu a mako, kullum awa ɗaya da rabi, ya ba mu awa shida. Malami ɗaya ne, rukuni uku ne. Ba zai yiwu ya koya wa ɗan aji huɗu jadawalin sau ba alhali yana warware wa 'yar WAEC lissafin kusurwoyi, dole ya raba kansa. Yana gaban waɗannan, waɗancan suna kwafar aiki ko suna tsokanar juna. In ya yi adalci kowane rukuni ya sami awa biyu a mako. Manyan kuma darasi biyar aka yi musu alkawari. Raba minti 120 gida biyar, sai ka sami minti 24. Iyakar rabon lissafi kenan a mako guda.

Daga tsakiyar Janairu zuwa ƙarshen Afrilu, lokacin da WAEC ta fara a shekarar, mako goma sha biyar ne. Amma azumi ya kama ranar 1 ga Maris, aka yi sallah 30 ga wata. Wa zai zauna gaban allo da ƙarfe huɗu da rabi a zafin Maris na ƙasar Sakkwato da azumi a baki, balle 'ya mace da aikin buɗa-baki ke jiranta a madafa? Cire mako biyar na azumi da hidimar sallah, saura goma. Minti 24 sau goma, awa huɗu cif. Abin da ya ba ni dariya kuma ya ba ni tsoro shi ne, ita kanta jarrabawar lissafi ta WAEC awa huɗu ce: awa ɗaya da rabi na tambayoyi hamsin na zaɓi, da awa biyu da rabi na takardar da ake nuna aiki, inda ake amsa goma cikin goma sha uku. Wato yarinya za ta shafe wata uku da rabi tana zuwa lesin, abin da za a koya mata na lissafi tsawonsa daidai da zaman da za ta yi a ɗakin jarrabawa.

Sannan ga ranakun da ya zaɓa. Duk wanda ya tashi a yankinmu ya san yara suna Islamiyya ko makarantar allo bayan la'asar daga Asabar zuwa Laraba, hutu Alhamis da Juma'a ne. Uku daga cikin ranakunsa huɗu sun hau kan Islamiyya. Uba zai yarda na mako ɗaya ko biyu, da zarar malamin Islamiyya ya aiko cewa yaro ya daina zuwa hadda, to lesin ne zai sha ƙasa.

Na je na same shi a zauren da yake karantarwa. Saurayi ne mai ladabi, lissafi da fizis ya karanta, kuma duk wanda na tambaya ya ce ya iya koyarwa. Bayan mun gaisa na shimfiɗa masa lissafina a bayan wata takarda. Ya daɗe yana kallo, sannan ya yi murmushi ya ce, "Inna, ai kin kama ni da sana'ata. Amma ke ma bari in yi miki nawa lissahi."

Nasa lissafin shi ya fi tsaya mini a rai. Yana da 'yan firamare goma sha biyu, dubu 24 kenan. 'Yan ƙaramar sakandare takwas, wata dubu 24. Manya shida, dubu 30. A takarda dubu 78, ya ɗan haura mafi ƙarancin albashi na dubu 70 da aka sa wa hannu a 2024. Sai dai a takardar kawai. Uku 'ya'yan dangi ne, ba a maganar kuɗi da su. Wasu iyayen sai an sayar da amfanin gona, wasu kuma su biya watan farko su ɓace. Ga alli, ga kuɗin buga tsofaffin takardun jarrabawa. Ya ce, "In na rubuta lissahi da fizis kaɗai, mutum nawa za su kira ni? Uba na son ya ga an jera mishi komi, in ba haka ba ya ce kuɗɗin sun yi yawa." Bayoloji da Turancin da ya sa, shi da bakinsa ya ce ba fanninsa ba ne, daga littafi zai riƙa karanta musu.

Ya kuma yi mini kukan cewa ya tura wa mutum sama da ɗari biyu, amma waɗanda suka amsa ba su kai goma ba. Wannan kam na san dalilinsa, don na taɓa tallata littafi ta wannan hanyar. Jerin aika saƙon bai-ɗaya na WhatsApp mutum 256 yake ɗauka, kuma saƙon ba ya isa sai ga wanda ya adana lambarka a wayarsa. Shi kuwa lambobin iyaye ya kwaso daga wajen yara, yawancinsu ba su san da shi ba. Alamar ita ce ka ga saƙo ya tsaya a kan maki ɗaya kwana da kwanaki. Ban da haka, a ƙauyukanmu uwa ce ke damuwa da karatun 'ya mace, babbar waya kuma tana hannun uba ko yaya. Ɗalibansa ashirin da shida, akasarinsu ta bakin mata a gidan suna da kuma ƙofar masallaci suka ji labari.

Kalmar JAMB ma na ce ya sake dubawa. Tun 2015 a kan kwamfuta kaɗai ake rubuta ta. Tambaya 180 ce cikin awa biyu, sittin na Turanci, arba'in-arba'in na sauran darussa uku, wato daƙiƙa arba'in ga kowace tambaya. Yaron da bai taɓa zama gaban na'ura ba, ko da ya san amsa, hannunsa da agogo ne za su ci amanarsa. A zauren nan allo ne da benci huɗu. Ba laifi ba ne ya koyar da abin da za a tambaya, amma ya kamata iyaye su san cewa atisayen na'ura sai an nema a wani wuri.

Akwai tambayar da na yi masa wadda ba ta yi masa daɗi ba. Tunda wasu daga cikin yaran ɗalibansa ne da safe, ta yaya uwa za ta tabbata ba abin da ya kamata a koyar a aji ake ajiyewa sai yamma ba? Ya ɗan ɓata rai, ya ce in duba littafin yarinyar na makaranta da na lesin. In na ga sabon babi ya fara bayyana a na yamma kafin na safe, in zo in tsine masa. Na karɓi wannan awon, kuma na yi amfani da shi har sau biyu. Na tarar da yamma tsofaffin tambayoyi suke warwarewa a kan abin da aka riga aka yi da safe.

Bayan kwana huɗu sai ga sabon saƙo. Bai saki 'yan firamare ba, don su ne masu biya a kan kari, amma ya miƙa su da 'yan ƙaramar sakandare ga wata ƙanwarsa mai takardar malanta, a cikin gida. Shi ya riƙe manya kaɗai, ya ce ba zai wuce mutum goma sha biyar ba. Alhamis bayan la'asar lissafi, Juma'a bayan la'asar Turanci wanda wani abokin aikinsa zai ɗauka a ba shi kashi ɗaya cikin uku na kuɗin, Asabar da hantsi awa uku, rabi lissafi rabi fizis. Da azumi komai ya koma safiyar Asabar da Lahadi. Kuɗi bai canja ba. Lissafi ya tashi daga minti 24 zuwa awa uku a mako. Kemistiri da bayoloji kuwa suka fita daga saƙon baki ɗaya, kuma iyaye biyu suka janye 'ya'yansu a kan haka, suka ce an rage kaya ba a rage farashi ba.

Yayana ma sai da ya yi wannan ƙorafin. Na ce masa, "Yaya, kiredit biyar ake nema, kuma in babu lissafi da Turanci a ciki sauran ba su kai ta ko'ina." Ya ce shi dai ya ji, ya ƙirgo dubu biyar.

Sakamako ya fito a watan Agusta. Ta sami C5 a lissafi, C6 a Turanci, C6 a fizis, bayoloji ma ta haye da karatun kanta. Kemistiri ne ya zo da D7, kuma makarantar jinya ba ta karɓar ɗaliba babu kiredit a kemistiri. Da yake ana yarda a haɗa sakamakon zama biyu, ni da uwarta muka haɗa kuɗin NECO ta 'yan waje da ake yi a ƙarshen shekara. Yaya ya yi shiru kwana uku kafin ya ce a je a yi, amma wannan karon a nemo malamin da kemistiri ya karanta, ko da sai an riƙa kai ta Tambuwal ran Asabar.