Me ya sa ban yi ihu ba?

Ina da shekara 19, ina makarantar horon malamai, mutumin da iyayena suka sauke ni gidansa ya yi mini fyaɗe. Katanga ɗaya ce tsakanin ɗakina da na matarsa, amma ko tari ban yi ba.

Wannan shirun ya fi komi cin raina. Shekara da shekaru ina tuhumar kaina fiye da yadda nake tuhumarsa. Nakan ce, tunda ban yi ihu ba, ko dai na yarda ne?

Wata ungozoma ce ta warware mini, bayan haihuwata ta biyu, da ta ga ina makyarkyata duk lokacin da za ta duba ni. Ta ce, "Ƴar'uwa, in tsoro ya wuce kima, jiki sandarewa yake, murya ta ɗauke. Ba ke kika zaɓa ba." Kaina ya gane nan take, zuciya kuwa ta daɗe ba ta karɓa ba. In zargin ya taso cikin dare, sai in tuna ƴan matan ajina na CM2. Da ɗayarsu ce, zan tambaye ta me ya hana ta ihu? Wallahi ba zan iya ba.

Yarda da mutane kam kaɗan-kaɗan take dawowa. Yayata na fara faɗa wa, sai maigidana, wanda yanzu ya san ba a dafa ni ta baya. Har yau, in mai duba makarantu ya shigo ajina bayan an tashi, ƙofa a buɗe nake barinta.