Tafinta a Tsakiyar Fage

Tunda mu kaɗai ne, kuma shayi bai kai na uku ba, bari in faɗa muku abin da na ƙi faɗa a gaban yaran nan jiya. Wasan da suke shiryawa zai karɓu a Matamaye, amma fitowar tafinta ba ta nuna ba tukuna. Sun ɗauka aikin tafinta shi ne kwaɓa Faransanci don a yi dariya, alhali fitowar duka a kan abu ɗaya ta tsaya: mai kallo ya san abin da aka faɗa, ya kuma ji abin da aka isar.

Ku tuna yadda suka tsara ta. Zamanin Nasara ne, kafin 1946 da aka soke aikin dole. Kumandan ya sauka a wani ƙauye yana son mutum goma su yi aikin hanya wata guda. Mai gari ba ya jin Faransanci, kumandan ba ya jin Hausa, sai tafinta a tsakaninsu. Tsarin ya yi, domin ba tatsuniya ba ce. A littafin Amadou Hampâté Bâ na 1973 a kan Wangrin an ga yadda tafinta ke tara dukiya da iko daga wannan tsayuwa ta tsakiya.

Mushe, na ga kana girgiza kai. Na san me za ka ce: rabin masu kallonmu ba su shiga lakwal ba, ta yaya za su gane an murɗa magana? Tambayar kenan, kuma tana da amsa biyu.

Ta farko, a bar kumandan ya yi Faransancinsa, amma a sa jikinsa ya yi Hausa. In ya ce mutum goma, ya ɗaga yatsunsa goma sama sosai, daidai lokacin da mai gari ya sunkuyar da kai yana gaisuwa. Mai kallo ya ga goma, mai gari bai gani ba. Sai tafinta ya juyo a natse ya ce, "Ranka ya daɗe, ya ce mutum goma sha biyar." Tsohuwar da ke can bayan fage ma ta gane, ba tare da ta san kalma ɗaya ta Faransanci ba. Tsawon magana shi ma shaida ne: in mai gari ya yi dogon bayani, tafinta ya isar da shi a kalma uku, kowa ya san an zubar da wani abu a hanya.

Ta biyu ita ce dabarar Brian Friel, marubucin ƙasar Ailan, a wasansa Translations, wanda aka fara nunawa a garin Derry a 1980. Labarin na 1833 ne, a wani ƙauye da sojojin Ingila suka zo auna ƙasa da canza sunayen wurare. 'Yan wasan duka da Ingilishi suke magana, amma an shirya da mai kallo cewa mutanen ƙauye harshensu na gado suke yi. Don haka kunne ɗaya ke jin ɓangarorin biyu. Kyaftin Lancey ya yi bayanin cewa gwamnati za ta auna filaye ta sake ƙiyasta haraji. Owen, ɗan garin da ke yi masa tafinta, sai ya sassauta: taswira ce kawai, kowa zai san iyakar gonarsa, haraji kuma zai ragu. Mu ma muna iya yin haka. Kumandan ya yi Hausa tsantsa, mai gari ya tsaya kamar bai ji komai ba sai tafinta ya maimaita. Minti biyu na farko ne masu wuya, bayan nan mai kallo ya karɓi ƙa'idar.

Yanzu ga inda yaran suka fi rauni. Tafintansu ba shi da dalili, yana canza magana ne kawai don ya ba da dariya. To me zai ci da mutum biyar ɗin da ya ƙara? A nuna mana. Da kumandan ya shiga inuwa shan ruwa, tafinta ya ja mai gari gefe ya ce, "Ni naku ne, zan roƙar muku a rage biyar, amma ka san hannu ba ya zuwa wofi." Sai a kawo akuya da buhun gyaɗa. Ya sayar musu da abin da tun asali ba a nema ba, har suna sa masa albarka. A nan dariya za ta zo da ɗaci, kuma irinta muke so.

Hajiya, kin ce kada a maida shi shaiɗan. Na yarda da ke ɗari bisa ɗari. Shi ya sa nake son murɗiya ta biyu ta zama ta ceto. Mai gari ya hasala ya ce damina ta ƙare, gyaɗa na ƙasa ba a cire ba, wanda ya raba mutum da gonarsa a irin wannan lokaci azzalumi ne. Tafinta ya san in wannan kalma ta shiga kunnen kumandan, rawani ya tafi. Sai ya ɗan yi jim, ya haɗiye yawu, ya ce mai gari na roƙon a jinkirta zuwa bayan kaka. Mutumin da ya cuce su ɗazu shi ne ya rufa musu asiri yanzu. Daga nan mai kallo ya daina sanin inda zai ajiye shi, kuma ba zai ƙara ɗauke ido daga kansa ba.

Bayan murɗiyar nan biyu sai ranar ƙin dillanci. Dole a samu mutum na huɗu mai jin harshen biyu. A wasan Friel, Manus ne, ɗan'uwan Owen, wanda ya tare shi ya ce wannan aikin soja ne ka ɓoye wa mutane. Can gaba, da wani hafsa ya ɓace, Lancey ya yi barazanar harbe dabbobin ƙauyen da rushe gidaje, kuma Owen ya isar da ita yadda take, babu wurin sassauci. Mu namu a hannu yake: tsohon soja da ya dawo daga yaƙin Faransa. A zaunar da shi a gefe tun farko, yana gyaran igiya, bai ce uffan ba. In kumandan zai hau doki, sai ya miƙe ya sara masa, ya tambaye shi da Faransancin bariki mutum nawa za a kawo. Amsar kumandan ita ce hukuncin tafinta.

Abu biyu ƙanana kuma. Tafinta ya tsaya a tsakiya, taku ɗaya gaba da su, don fuskarsa ta kasance ta mai kallo a duk lokacin da yake juyawa daga wannan zuwa wancan. A wannan juyawar ake ganin yana lissafi. Sannan al'adar wasanmu, wadda su Yazi Dogo suka shahara da ita a Damagaram, ita ce a tsara labari a bar ɗan wasa ya ƙirƙiri maganarsa a fage. Tana da daɗi, amma a wannan fitowa dole a kafe lambobi da jimlolin da za a murɗa. In kumandan ya ce goma yau, gobe ya ce ashirin, ginin ya rushe.

Ga yadda za mu gane ko ta nuna. Ranar gwaji, mu kira mutane kaɗan waɗanda ba su san labarin ba, mu saurari lokacin da suke dariya. In sun yi ta yayin da kumandan ke magana, to karin harshensa suke wa dariya, aiki bai yi ba. In sun yi shiru har tafinta ya rufe baki sannan suka ɓarke, ko wani ya ce "kai, ƙarya yake!", to an dace. Mushe, kai za ka zauna da mai fitowa a kumandan. Hajiya, ki ɗauki mai gari. Tafintan ku bar mini shi.