Idan Numfashin Maijego Ya Sarƙe Farat Ɗaya

Akwai wata magana da muke yawan ji a gidajen makoki, wadda ni har yau ban saba da ita ba: "Lafiyarta ƙalau, an yi suna, ta tashi za ta kewaya sai kawai ta faɗi." Daga nan sai a ce ajali, wasu kuma su koma gefe suna raɗa cewa iska ce ko jifa. Ajali gaskiya ne, amma na yi shekaru ina aikin ungozoma a ƙasar Kano ta kudu, kuma a cikin irin waɗannan rasuwa akwai masu sababin da aka sani, wanda yake ba da alama, yake kuma da magani. Shi ne gudan jini da ke toshe jijiyar huhu.

Gudan ba a huhu yake farawa ba. Yawanci a ƙafa yake daskarewa, cikin manyan jijiyoyin da ke can ciki a sha-raɓa, ko cinya, ko ƙugu, waɗanda ke mayar da jini zuwa zuciya. Wata rana sai wani yanki ya ɓalle, jini ya tafi da shi, ya ratsa ta ɓangaren dama na zuciya, ya shiga jijiyar da ke kai jini huhu. Ita kuwa wannan jijiya rassa take yi, tana ƙara tsukewa kamar magudanan ruwan noman rani, don haka dole gudan ya maƙale a wani wuri. Iska na shiga huhu yadda ta saba, sai dai jinin da zai ɗauke ta ba ya isowa. Shi ya sa za ki ga mace tana haki alhali ƙirjinta ba majina, likita ya sa abin sauraro bai ji komai ba, har hoton ƙirji irin na yau da kullum ya fito lafiya lau.

Me ya sa maijego? Tun da juna biyu jiki yake ƙara wa jini saurin daskarewa don kada mace ta zubar da jini da yawa wurin haihuwa, kuma jinin ba ya komawa daidai sai bayan makonni. Haɗarin ya fi tsanani a makonni 6 na farko, wato kusan kwana arba'in ɗinmu, ya kuma fi ƙarfi a makonni ukun farko. Idan aka ƙara da tiyata, ko ƙiba, ko shekaru sama da 35, ko zubar jini mai yawa, ko hawan jinin masu ciki, ko sikila, abin sai ya ninku. Sannan ga kwanciya. Muna tausayin maijego, mu hana ta motsi, mu kawo mata komai har bakin gado, ga gumin wankan jego, ga ƙarancin shan ruwa. Ban ce wanka ne ke kawo gudan jini ba. Ƙafar da ba ta takawa dai jininta kwantawa yake yi, jinin da ya kwanta kuwa shi ke daskarewa. Ba masu jego kaɗai ba: mai shan ƙwayar tazarar haihuwa irin mai sinadarin istirojin, da wanda ya karye aka ɗaure shi, da mai ciwon daji, da tsohuwar da ta yi doguwar tafiyar Hajji ko Umara a zaune, duk suna cikin sahu.

Bari in ba ki labarin 'yar yayata, wadda ke aure a wani ƙauye gaba da Tudun Wada, ta hanyar Doguwa. Shekarunta 36, haihuwa ta shida, kuma tiyata aka yi mata. A kwana na tara ta ce sha-raɓarta ta hagu na ciwo kamar jijiya ta harɗe. Surukarta, saboda ƙauna, ta riƙa matsa mata ƙafar da man zafi. A kwana na goma sha ɗaya ta tashi yin alwalar asuba, sai numfashi ya sarƙe mata, ga suka a gefen ƙirji duk lokacin da ta ja iska. Da aka kira ni na ce kar a ƙara taɓa ƙafar, a nemo mota. Na same su a hanya. Bugun zuciyarta 118 a minti ɗaya, alhali na babban mutum a hutawa bai kamata ya wuce 100 ba. Numfashinta 28 a minti, na lafiya kuwa tsakanin 12 ne zuwa 20. Ɗan abin nan da ake maƙalawa a yatsa ya nuna iskar jininta 90, maimakon 95 zuwa sama. Na auna sha-raɓa da tef ɗin tela, ta hagu ta fi ta dama da santimita uku da rabi, ga ta da ɗumi. Jikinta ba zafi, tarin ma kaɗan ne.

Ki lura da abu biyu a nan: farat ɗaya, da kuma ƙafa ɗaya. Su ne suka fi taimakawa wajen raba wannan ciwo da ciwon zuciyar masu jego, wanda ya yi yawa a ƙasar Hausa, har likitocin Zariya suka yi rubutu a kansa tun shekarun 1970. Shi wancan yawanci a hankali yake zuwa, ƙafa biyu ke kumbura, mace ta kasa kwanciya sai ta jingina. Nimoniya kuma kan zo da zazzaɓi da majina. Wannan ba doka ba ce da ba ta karyewa. Akwai wadda gudan zai tafi huhunta ba tare da ƙafa ta nuna komai ba, akwai wadda alamarta suma ce kawai, ko tari da ɗigon jini. Rabewa ta ƙarshe aikin asibiti ce.

A babban asibitin da muka je a birni, mijinta ya ji ana maganar wani gwajin jini mai sauƙin kuɗi, sai ya tambayi likita, "Likita, me zai hana a fara da shi kafin a kai ga hoton nan mai tsada?" Tambaya ce mai kyau, kuma amsarta ce nake so ki riƙe.

Gwajin shi ne di-daima, a takarda za ki ga an rubuta D-dimer. Duk lokacin da gudan jini ya samu, jiki yakan fara narkar da shi, di-daima kuwa ɓurɓushin wannan narkewar ne. A yawancin ɗakunan gwaji iyakarsa 500 ce, ga wanda ya haura shekara 50 kuma akan ninka shekarunsa sau goma, wato 'yar shekara 70 iyakarta 700. Amfaninsa kamar na toka ne a murhu. Idan babu toka ko kaɗan, da wuya a ce an hura wuta. Idan kuwa akwai toka, ba ta gaya miki wace wuta ce ba. Ciki, haihuwa, tiyata, zazzaɓin cizon sauro mai tsanani, sikila, tsufa, duk suna ɗaga shi. Saboda haka mace 'yar shekara 28 da ba ciki, ba jego, ba tiyata, bugun zuciyarta daidai, ta zo da ciwon ƙirji, idan gwajinta ya nuna 300 likita zai iya cire wannan zato ba tare da hoto ba. Amma 'yar yayata, kwana 11 da yanka, gwajin zai hau ko da gudan ko babu. Kuma idan zato ya yi ƙarfi irin nata, ko ya fito ƙasa ba a dogara da shi. Yin sa ɓata kuɗi ne da ɓata lokaci, don haka likita ya tsallake shi.

Abin da ya yi, ya tabbatar ba ta zubar da jini, ya sa mata iskar oksijin, ya fara mata allurar hefarin mai hana jini daskarewa tun kafin hoto, daidai nauyinta: kilo 80, miligiram 80 a fatar ciki, safe da dare. Allurar ba ta narkar da gudan nan take, hana shi girma take yi, ta hana wani samuwa, jiki ya narkar da shi a hankali.

Hoton da ke yanke hukunci shi ne siti sikan na jijiyoyin huhu, a takarda CTPA. Akan fara duba lafiyar ƙoda, a kuma tambaya ko ruwan hoto ya taɓa yi wa mutum illa. Sai a sa kanula a hannu, a tura wani ruwa mai sinadarin aidin da sauri, a ce ki riƙe numfashi na 'yan daƙiƙu. Za ki ji ɗumi ya ratsa jiki har ki zaci fitsari ya kuɓuce miki, bai kuɓuce ba. Ruwan yana sa jijiyoyin huhu su fito fari tas, inda gudan yake kuma sai a ga duhu a tsakiyar farin. Nata ya nuna gudaji a rassan huhun dama. Shi ma hoton yana da iyaka: idan mutum ya motsa ko ruwan bai isa a kan lokaci ba, yakan fito ba a gane shi sosai, sai an sake. Akwai kuma tururin hoto da ke ratsa ƙirji da nono, shi ya sa ba a yi wa kowa don kawai a gani. Amma mai shayarwa ba sai ta daina ba da nono ba, mai ciki ma ana yi mata idan buƙata ta kama. Idan ƙafa ta kumbura, sikanin ƙafa irin wanda ake yi wa masu ciki na iya nuna gudan, kuma wannan ya isa a fara magani. Sai dai fitowarsa lafiya bai wanke huhu ba. Shahararriyar 'yar wasan tanis Serena Williams ta ba da labarin cewa bayan tiyatar haihuwarta a 2017 sikanin ƙafa bai nuna komai ba, siti sikan ne ya gano gudaji a huhunta.

Matsalarmu mu mutanen Bebeji, Kiru, Tudun Wada da Doguwa ita ce nisa. Irin wannan hoto sai manyan wurare kamar Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, kuma wadda ta taso daga Doguwa sai ta ratsa dajin Falgore, ta fito Kwanar Dangora, kafin ta kama titin Kano. A ganina kuskure ne a wuce asibiti mafi kusa a miƙe birni da mace tana haki. A tsaya a auna ta, a sa mata iska idan akwai, a karɓi takardar turawa. Ke kuma da bakinki ki faɗa wa ma'aikata ranar haihuwa, ko tiyata ce, wace ƙafa ce, yaushe numfashin ya canza. Da waɗannan likita ke auna ƙarfin zato, daga nan ne kuma yake zaɓar gwajin jini ko hoto.

'Yar yayata ta yi kwana shida a kwance, aka mayar da ita kan ƙwayar wafarin, wadda ba ta cutar da jariri mai shan nono, ko da yake ba a ba mai ciki. Ta sha ta wata uku tana zuwa gwajin jini ana daidaita mata adadin. An hana ta ƙwayar tazara mai istirojin, aka sa mata robar hannu. An kuma rubuta a katinta cewa duk ranar da ta sake samun ciki ta nuna shi tun zuwan awo na farko, domin a tsara mata allurar kariya har zuwa makonni 6 bayan haihuwa.